Yadda tela zai rubuta sanarwar rufe karɓar ɗinkin Sallah

Tambaya: Assalamu alaikum. Shagon ɗinkin maza gare ni, mu uku ne a kan keke. Bara na rubuta a Status cewa mun kusa rufe karɓar ɗinki, amma har ana jibi Sallah ana kawo mini yadi, na karɓa don kunya, ƙarshe muka ɓata da mutane. Bana ina so in sa hoton ɗinki da rubutu a ƙasansa. Me zan rubuta, kuma wace rana zan sa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kalmar "mun kusa" ita ta fara jawo maka, domin wanda ya karanta ta zai ɗauka da sauran lokaci, kuma kowa da irin tsawon da yake ba "kusa". Amma kafin ka taɓa waya, ɗauko littafin awo da biro, domin ranar da za ka rubuta daga cikin littafin za ta fito. Telan da ya ɗauki rana don ya ga maƙwabcinsa ya sa ta, ko don ta yi masa daɗin faɗi, zai tsinci kansa ko dai ya rufe alhali da sauran wuri, ko kuma ya rufe bayan kaya sun riga sun fi ƙarfinsa.

Lissafin daga ranar Sallah ake fara shi, a riƙa dawowa baya. Ƙaramar Sallah ba a san ranarta tabbas sai an ga wata. A Najeriya azumin 2024 ya cika talatin, aka yi Idi ran Laraba 10 ga Afrilu, amma na 2025 ashirin da tara aka yi, aka sauko Idi ran Lahadi 30 ga Maris. Saboda haka kullum ka ɗauka ashirin da tara za a yi. In ya cika talatin ka sami kwana ɗaya na hutu, in bai cika ba babu wanda zai kwana a ƙofar shagonka yana jiran a sa masa maɓalli.

Bari mu yi aikin da kalandar 2024, wadda aka ɗauki azumi ran Litinin 11 ga Maris, kai kuma sai ka sauya da kwanakin bana. A ce yau uku ga azumi. Kwana biyu na ƙarshe kafin jajiberin Sallah, wato 27 da 28, na miƙa kaya ne da guga da ƙananan gyare-gyare, kamar wandon da ya yi tsawo ko wuyan da ya matse. Ke nan keke zai tsaya da sabon ɗinki ran 26 ga azumi. Daga 4 zuwa 26 kwana ashirin da uku ne. Akwai Juma'a huɗu a ciki, kuma ka san aikin Juma'a rabin wuni ne, sai ka cire kwana biyu. Ka ƙara cire uku saboda abin da ba ka shirya masa ba: a ɗauke wuta janareta ya ƙi tashi, keke ya fara tsallake zare, yaro ya kwanta zazzaɓi, ko a yi rasuwa a unguwa a tafi jana'iza. Saura kwana goma sha takwas na aiki tsantsa.

Sai ka tambayi littafinka guda nawa shagon ke gamawa a rana cikin azumi. Gamawa nake nufi, har da maɓalli da guga, kuma da ƙarfin mai azumi, wanda daga azahar hannu ya fara sanyi sai bayan tarawi a dawo. Kada ka ɗauki ranar da kuka fi kowace ƙwazo, ɗauki ta tsaka-tsaki. A ce kaftani da wando shida kuke gamawa ku ukun, tunda kai rabin lokacinka yana tafiya wajen yanka da sauraron masu shigowa. Shida sau goma sha takwas, ɗari da takwas ke nan. Babbar riga da 'yar ciki da wando ka ƙirga ta a matsayin biyu. Kayan yara kuma kada ka yarda ka ƙirga su rabi. Yadinsu ne kaɗan, amma wuya da aljihu da hannu duk sai an yi su kamar na babba, kuma nan ne lissafin teloli da yawa ke karyewa, don uba ɗaya zai shigo da leda ɗauke da kayan yara biyar a ce ai ƙanana ne.

Yanzu ƙirga abin da ke jibge a shago wanda ba a gama ba. A ce sittin da huɗu ne. Saura arba'in da huɗu. Ware takwas ka ɓoye, kada ka faɗa wa kowa, domin akwai mutanen da ba ka iya mayar musu da yadi ko sun makara: surukinka, mai shagon da kake haya, dattijon da ya shekara goma yana ɗinki a wurinka. Gara ka tanadar musu wuri tun yanzu da su zo su hau kan na wasu. Abin da ya rage na kowa da kowa talatin da shida ne. In a rana ana kawo maka kamar huɗu, kwana tara za su cike, wato daga 4 zuwa 12 ga azumi. Ranar rufewarka ta fito: Juma'a 22 ga Maris.

Za ka ji kamar ta yi wuri. Ba ta yi ba, ita ce gwargwadon ƙarfin kekuna uku. In kana son ta matsa gaba, sai dai ka ƙara hannu ko ka ƙara awannin dare, kuma ka sake lissafin da sabon adadi kafin ka sanar.

Kayan da za a yi wa aiki suna buƙatar tasu ranar daban, domin suna barin hannunka su shiga na wasu. Babbar riga za ka yanka ka haɗa, kwana biyu. Ta tafi wajen mai aiki, wanda a wannan lokacin shi ma teloli da yawa ne suka tara masa, a ce kwana goma. Ta dawo ka ƙarasa, kwana biyu. In shadda ce ta je wajen masu bugu, kwana biyu. Goma sha shida ke nan. Cire su daga 26, ka sami 10, ka ƙara cire biyu don mai aiki ba ya rasa saɓa rana, ka tsaya a 8 ga azumi, Litinin 18 ga Maris. Kafin ka rubuta wannan ranar, kira mai aikinka ka ji ranar da shi zai daina karɓa. Idan tasa ta riga taka, tasa ce za ta yi aiki, kuma in na hannu ne aikin, wanda ke cin makonni, ka cire shi gaba ɗaya daga sanarwar Sallah in dai an riga an shiga azumi.

To, ga rubutun da za ka sa ƙarƙashin hoton:

"Ranar ƙarshe ta karɓar ɗinkin Sallah: Juma'a 22 ga Maris (12 ga azumi), ƙarfe 5:00 na yamma.
Babbar riga da duk kaya masu aiki: Litinin 18 ga Maris (8 ga azumi).
Idan wuri ya cika kafin nan za mu rufe, kuma za mu sanar a nan.
Ɗinki na shiga layi ne idan yadi ya iso shago, an yi awo, an ba da rabin kuɗi.
Karɓar kaya: Asabar 6 da Lahadi 7 ga Afrilu. Za mu rufe shago Lahadi 7 ga Afrilu da ƙarfe 10:00 na dare, mu dawo Litinin 15 ga Afrilu in sha Allahu.
Mun gode da zumunci, Allah Ya karɓi ibadunmu."

Ka lura ranar ce ta zo a layin farko, gaisuwa da addu'a suka koma ƙarshe. A Instagram da Facebook farkon rubutu kawai ake gani, sauran sai mutum ya taɓa ya buɗe, kuma mafi yawa ba sa taɓawa. Idan ka fara da sallama da "muna sanar da ɗaukacin abokan hulɗarmu masu daraja", wurin da ido ke gani ya ƙare ba a kai ga ranar ba. Babu rashin ladabi a sa addu'a a ƙasa, wanda ya karanta har can zai same ta.

Sunan rana da kwanan watan Bature da na azumi, duk ukun ka haɗa su. A cikin azumi mutane da yawa da kwanakin azumi suke lissafi, ka ce 22 ga Maris sai sun tsaya sun ƙirga. Ma'aikaci kuma da kalandar ofis yake tafiya. Sannan in kana da masu aiko maka daga Maraɗi ko Damagaram, wani lokacin ɗaukar azuminsu na bambanta da na Najeriya da kwana ɗaya, sai sunan ranar ya raba gardama, tunda Juma'a dai Juma'a ce a ko'ina. Amma ka duba kalanda sau biyu kafin ka tura. Idan ka rubuta Juma'a alhali kwanan watan ya faɗa Asabar, kowa zai ɗauki wadda ta fi masa nisa, kuma yana da hujja a hannunsa.

Akwai wani tarko a kalmar dare. Kada ka rubuta "daren Juma'a". A wajen mutane da yawa daren Juma'a shi ne daren da za a wayi gari Juma'a, wato Alhamis bayan magariba, wasu kuma za su ɗauka Juma'a ce da daddare. Tsakanin fahimta biyun kwana guda ne cur. Rubuta sunan rana sannan ƙarfe nawa, shi ke nan. Na zaɓi biyar na yamma ne don ya faɗo kafin shan ruwa. In ka bar shi "har dare", bayan tarawi za a cika maka shago da ledoji a daidai lokacin da kekuna suka fi gudu, kai kuma kana tsaye da tef a wuya kana awo maimakon yanka.

Layin da ya fi kowanne kare ka shi ne na sharuɗɗa ukun nan. Rigimar Sallah mafi yawa daga "ai na gaya maka tun farkon azumi zan kawo" take tasowa. Mutum ya turo hoton shadda a waya ya ce a riƙe masa layi, a zuciyarsa ya ba da ɗinki, kai kuma a littafinka babu shi. Da ka rubuta cewa sai yadi ya iso, an auna, an ba da kafin alƙalami, ka sami abin nunawa ba tare da ka ɗaga murya ba. Awon ma ka dage a kansa, musamman na yara, domin awon bara ba zai yi wa yaro ɗan shekara goma sha biyu ba, kuma babba ma jikinsa na sauyawa. Wanda ke nesa ya aiko da rigar da take masa daidai a cikin ledar yadin. Kuma duk yadin da ya shigo ka warware shi ka auna a gaban mai shi. Kaftani da wando na babba yadi huɗu ne a galibi, mai jiki biyar, babbar riga cikakkiya kuma kamar goma. Idan sai ran ashirin ga azumi ka shimfiɗa ka ga uku da rabi ne, neman irinsa a kasuwa a wannan cunkoson zai cinye maka wuni, in ma an samu launin ya zo daidai.

Game da "idan wuri ya cika za mu rufe", ka sa shi ne saboda sanarwar kanta tana ƙara yawan masu zuwa. Huɗu a rana da ka lissafa na iya zama takwas da zarar an ga rana. Ka buɗe shafi a littafi ka ja layi talatin da shida, duk wanda ya cika sharaɗi ka cike masa layinsa, babbar riga ta ci biyu. Ran da layukan suka ƙare, an rufe, ko da ran tara ga azumi ne. Abin da ban yarda da shi ba shi ne rubuta "saura mutum biyar" alhali ba haka ba ne, don a ruɗa mutane su yi sauri. Unguwa ɗaya kuke, za a gane, kuma cikin azumi ne. In ka faɗi adadi, ya zama na littafin.

Ranar dawowa ma ka ba ta suna da kwanan wata. "Sai bayan Sallah" ba ya gaya wa mai bikin da za a yi mako biyu bayan Idi ko ya jira ka ko ya nemi wani. Kafin ka rubuta, tambayi yaran shagon yaushe za su dawo da gaske, don wanda ya tafi garinsu ba lallai ka gan shi ran uku ga Sallah ba, a garuruwan da ake hawa kuma kwanaki ake yi gari na cikin hidima. Ka kuma faɗi sarai cewa wanda bai karɓi kayansa ba kafin rufewa sai an dawo, in ba haka ba wayarka za ta yi ta ƙara da asubar Idi.

Hoton da za ka ɗora ya zama ɗinkin shagonka, irin wanda za ka iya maimaitawa a cikin kwanakin da suka rage. In ka sa wata ƙasaitacciyar riga mai aikin da ke cin mako uku, ita za a riƙa nuna maka ana cewa irin wannan. Ka rubuta ranar a jikin hoton da manyan baƙaƙe, domin idan aka ɗauki hoton aka tura wa wani, sau da yawa rubutun ƙasa ba ya bin sa. Saboda wannan dalilin ne kuma "gobe" da "jibi" da "saura kwana uku" ba sa tsayawa su kaɗai. Saƙon da ka rubuta ran Talata zai iya isa wayar wani ran Alhamis, shi kuma ya fara ƙirga kwana ukunsa daga nan.

Status na WhatsApp awa ashirin da huɗu yake yi ya ɓace, don haka sa shi sau ɗaya bai isa ba. Cikakken rubutun ya fita yau. Ran 15 ga Maris ka tuna wa masu babbar riga. Sauran tunatarwar gajeru ne, misali ran Talata:

"Tunatarwa: Juma'a 22 ga Maris (12 ga azumi), ƙarfe 5:00 na yamma muke rufe karɓar ɗinkin Sallah. A zo da yadi da rabin kuɗi, a tsaya a yi awo."

Ka sake sa shi da safiyar ranar. Lokacin da aka fi duba waya a azumi shi ne bayan shan ruwa da bayan tarawi, sai ka riƙa sakawa a nan. Tsofaffin masu ɗinkinka kuwa kada ka bar su da Status, tura wa kowa kai tsaye, da sunansa in za ka iya. In za ka yi amfani da Broadcast, ka sani waɗanda suka ajiye lambarka a wayarsu kaɗai yake isa. Waɗanda ba sa karatun boko ka yi musu saƙon murya na rabin minti, ka faɗi ranar sau biyu a ciki. Sannan ka rubuta ta a kwali ka manna a ƙofar shago, don mai shigowa da leda ya gani kafin ya yi sallama, hakan na rage maka nauyin baki ƙwarai.

Akwai matsala guda da wannan ranar ke da ita, gara ka san da ita. 22 ga Maris ta faɗo kafin ƙarshen wata, ma'aikata da yawa ba su ɗauki albashi ba, kuma da albashin suke sayen yadi. Ba ka da yadda za ka ja ranar zuwa ƙarshen wata ba tare da ka zarce ƙarfinka ba. Abin da za ka iya bana shi ne ka sassauta kafin alƙalami ga wanda ka sani, in dai yadinsa da awonsa sun shigo. Baɗi kuma ka fitar da sanarwar farko tun cikin Sha'aban, daidai lokacin albashin da ya gabaci azumi, don su sayi yadi da wuri. Masu karɓar kayansu ta tasha su ma ka ba su rana tasu a saƙon kai tsaye, kayansu su bar shago kamar 22 ga azumi, kafin motoci su cika da matafiya.

Da ƙarfe biyar ta buga ran Juma'ar, sai ka saka na ƙarshe:

"Mun rufe karɓar ɗinkin Sallah. Duk yadin da ya zo daga yanzu za mu karɓa da sharaɗin sai bayan Litinin 15 ga Afrilu. Masu kaya a hannunmu, za mu kira kowa idan nasa ya kammala."

Wannan na ƙarshen ne zai yi maka maganin kunyar da ka ambata. Ba sai ka ce wa mutum a'a ba, ka ce masa "kawo, Alhaji, amma na bayan Sallah ne", ka rubuta hakan a takardar da za ka maƙala a ledarsa yana kallo, ka karanta masa. Wasu za su ɗauki yadinsu su tafi wani wuri, ka bar su, sun tafi kuna mutunci. Abin da zai rusa komai shi ne washegari ka sa "mun ƙara kwana biyu saboda roƙon jama'a". Waɗanda suka yi sauri suka ciwo bashi don su cika sharaɗi za su ji an raina musu hankali, baɗi kuma babu mai kula ranarka. In kana son karɓar na gaggawa da ƙarin kuɗi, ka yanke adadinsu tun yau daga cikin takwas ɗin da ka ware, ka faɗi kuɗin kafin a ajiye yadi, kuma a ɗinka su a awannin da ka ƙara, kada su tsallake kayan wanda ya kawo tun uku ga azumi.

Babbar Sallah lissafinta ɗaya ne, sai dai ta fi sauƙi ta wani gefen: da an ga watan Zulhajji an san ranar Idi, goma ga wata, kuma babu azumin wata guda da zai rage ƙarfin aiki, don haka adadin da kuke gamawa a rana zai ɗan haura. Amma kwana goman nan ba sa isar babbar riga mai aiki ta je ta dawo, saboda haka ranar rufe karɓarta a cikin Zulƙida za ta faɗo, kuma a sanarwar sai ka dogara da sunan rana da kwanan watan Bature tunda ba kowa ke bin kwanakin Zulƙida ba.